Saura sati bakwai bikin aminiyata, hankalina bai kwanta da mijin ba, in yi magana ko in yi shiru?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙon kar a tambaye ni suna don ba zan faɗa ba. Ina da aminiya tun muna aji ɗaya a sakandare, ita ce babbar ƙawa a bikina, ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi Ilham. Shekararta 31, ƙannenta mata biyu duk sun yi aure sun barta a gida, kun san dai yadda zaman yake. Yanzu Allah ya kawo wani, an kai gaisuwa an sa rana, saura sati bakwai ɗaurin aure, lefe kuma nan da sati uku za a kawo.

Toh ni wlh hankalina bai kwanta da shi ba. Na farko ya karɓi kuɗinta dubu 400, sau biyu, 250 da 150, kuɗin adashinta ne da ribar atamfofin da take sarowa, yace motar da ya yi oda ce ta maƙale a hanya sati biyu zai biya, yau wata huɗu kenan ba labari. Na biyu tana koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Tudun Wada, da farko yace ba matsala ta ci gaba, ana sa rana ya canza yace matarsa ba za ta yi aiki ba. Na uku ranar sunan wata ƙawarmu a Badarawa ya kira ta sau shida ba ta ji ba saboda hayaniya, sai gashi ya zo har ƙofar gidan yana mata faɗa a gaban mutane, na ga hannunta yana rawa da ta dawo ciki. Sannan wata maƙwabciyarmu da ta taɓa zama gidan haya ɗaya da shi a Rigasa tace min matarsa ta farko duka ne ya fitar da ita. Kuma ni dama tun ranar farko bai kwanta min ba, ko gaisuwar kirki bai iya ba, ga shi tunda ya shigo ta daina zuwa gidana kamar da.

In na yi shiru wani abu ya same ta ba zan yafe wa kaina ba, in na yi magana ina tsoron ace ni na ɓata aure. Ya zan yi?

'Yar Kawo:
Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata ki ja bakinki ki yi shiru, ki ɗinka ankonki ki je ki yi mata addu'a. So hana ganin laifi ne, duk abin da kika faɗa mata yau gobe yana kunnensa, su shirya ke ki zama abar zagi. Shekara 31 fa kika ce, in auren ya fasa kina da wani mijin da za ki ba ta? Mamanta ma ba za ta ƙara amsa gaisuwarki ba.

Abban Sadik:
Mata kenan. Daga faɗa ɗaya a ƙofar gida an gama yanke wa bawan Allah hukunci. Ba ku ji ta bakinsa ba fa. Kasuwar mota yanzu kowa ya san yadda take, mutum zai iya cin bashi da niyyar biya abubuwa su cakuɗe masa.

Nas Halima:
Ni tambayata sun yi gwajin jini kuwa? Don in AS ne da AS kowane ciki akwai kaso 25 cikin 100 a haifi mai sikila, kuma ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka ba, kowane ciki lissafinsa daban, za a iya samun biyu a jere. In wannan ne damuwar kar ki ɓoye mata ko kaɗan.

Maman Ilham:
Nas sun yi, ita AA ce. Ba nan matsalar take ba.

Nas Halima:
Au to yi haƙuri, ban karanta har ƙarshe ba na yi saurin rubutu. Alhamdulillah da wannan.

Anti Mai Lalle Kinkinau:
Maman Ilham sannu, Allah ya saka miki da kika damu. Ni sama da shekara ashirin ina wa amare lalle da gyaran jiki, amarya tana zaune gabana awa uku awa huɗu hannu da ƙafa a ɗaure ba ta iya taɓa waya, a nan nake jin abin da ko uwarta ba ta ji ba. Kuma kalmar da na fi ji daga waɗanda suka dawo min bayan shekara ɗaya da takardar saki ita ce, Anti ashe kowa ya sani ba wanda ya faɗa min. Don haka ni ban yarda da shiru ba. Amma yadda kika zubo mana maganar nan gaba ɗaya, in haka kika kai mata wlh ba za ta ji ko ɗaya ba.

Abu biyar kika lissafa amma ba nauyinsu ɗaya ba. Kuɗin da maganar aiki ita da bakinta ta faɗa miki, faɗan Badarawa da idonki kika gani. Waɗannan ukun naki ne kina da ikon magana a kansu. Maganar duka ji kika yi daga bakin mutum ɗaya, ita daban za a ɗauke ta. Shi kuma bai iya gaisuwa ba, ta daina zuwa gidanki, wannan ki bar shi a gida kar ki fita da shi, don ba ke za ki zauna da shi ba, kuma duk amaryar da ake shirin bikinta ƙafarta na ɗaukewa. In kika haɗa da wannan, shi kaɗai za ta riƙe, tace ai dama ba kya sonsa, sai sauran ukun masu nauyi su bi ruwa.

Maman Ilham:
Anti wlh kin taɓo min inda yake min ciwo. Gaskiya ina jin haushin yadda ya raba mu, ban san ya shiga cikin maganar ba sai da kika faɗa.

'Yar Kawo:
Kin gani ko. Shi ya sa nace shiru ya fi. Zuciya ba ta da ƙashi.

Anti Mai Lalle Kinkinau:
A'a 'Yar Kawo, jin haushinta bai goge dubu 400 ba. Amma akwai inda kika yi gaskiya, maganar za ta iya komawa kunnensa. Shi ya sa duk abin da za ta faɗa ya zama wanda ko a gabansa za ta iya maimaitawa ba ta sunkuyar da kai ba.

Uwar Biyu:
Ku bari in ba ku nawa. Ni aka yi wa irin wannan maganar shekara tara da suka wuce, kuma wadda ta yi min gaskiya ta faɗa, amma yadda ta yi ne ya sa na toshe kunne. A gaban ƙawaye huɗu muna rabon kati tace min wlh in kika auri wannan mutumin kin kashe kanki, kuma ni ba zan zo bikin ba. Kunya ta kama ni, na fara kare shi, abin da ni kaina nake shakka a kai na dinga rantsuwa ƙarya ne. Ba ta zo ba kuwa. Da abin ya fara lalacewa wata na bakwai, mutum ɗaya da ta san gaskiya ita ce, amma ita ce wadda ba zan iya kira ba, don ina jin za ta ce ba na faɗa miki ba. Na ƙara shekara biyu a gidan nan ina haɗiye abu saboda ba ni da wajen zuwa. Da ta ja ni gefe ta faɗa a hankali kuma ta zo bikin, ban ce zan fasa ba, amma da na fito da wuri.

Maman Ilham duk abin da za ki yi kar ki sa mata sharaɗi da zuwanki biki.

Ummu Haidar:
Allah ya saka wa Anti da Uwar Biyu. Ga masu ganin faɗin aibin manemi gulma ce, ku tuna Faɗimatu bint Ƙais, hadisin yana cikin Muslim. Ta je wa Annabi (SAW) tace Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta, yace mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, a wata ruwayar aka fito da shi fili cewa mai dukan mata ne, sannan ya nuna mata Usama bin Zaid. Ku duba abu biyun da aka ambata, kuɗi da hannu, su ne dai muke magana a kai yau. Imam Nawawi ma ya sa shawarar aure cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, da sharaɗin niyyar nasiha ce.

Amma ɗaya ɓangaren shi ne na Barira, a Bukhari. Da aka 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, yana binta yana kuka hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) yace mata da ma kin koma masa, tace umarni kake ba ni ya Manzon Allah, yace a'a ceto kawai nake yi, tace to ba ni da buƙatarsa. Kuma aka bar ta. In shi ya ba da shawara a kan aure ya bar mace da zaɓinta, ke da ni ba mu da hurumin tilasta wa kowa.

Abban Sadik:
Malama ai Faɗimatu ita ta je ta tambaya. Wannan ba ta tambayi kowa ba. Kuma Annabi (SAW) ya san Abu Jahm, wannan kuwa maƙwabciya tace.

Ummu Haidar:
Na biyun ka yi gaskiya Abban Sadik, kuma Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a yi bincike kafin a ɗauki labari. Shi ya sa ba za ta je tace mata yana duka ba, don ba ta sani ba. Na farkon kuwa ban yarda da kai ba. Wadda ta zaunar da ke ta faɗa miki ya ci kuɗina bai biya ba, ya ce in bar aiki, ai ba labarin nishaɗi take ba ki ba. Mata da yawa haka muke neman shawara, ba ma cewa me kika gani, sai mu ajiye maganar a gabanki mu ga me za ki ce.

Baban Yara Mando:
Ni a ganina duk wannan zagaye ne. Bincike aikin waliyyi ne ba na ƙawa ba. Ki samu baffanta ko yayanta ki faɗa masa abin da kika ji, su je Rigasa su tambayi limamin masallacin layin da mai unguwa da mai gidan hayar, in da hali su nemi dangin tsohuwar matar. Kwana biyu ya isa a gane. Mu haka muka yi wa ƙanwata, uku muka tambaya uku suka faɗi abu ɗaya, muka mayar da kuɗin gaisuwa shikenan ba hayaniya.

Zee Malali:
Ko kuma ki sayi sabon layi ki tura mata saƙo ba suna, ko ki tura wa mamanta. Kin fita haƙƙinta kuma ba wanda ya san ke ce.

Anti Mai Lalle Kinkinau:
Zee dan Allah a'a. Saƙon da ba suna kyauta ce za ki ba shi. Tana nuna masa zai ce tsohuwar matata ce da 'yan uwanta suke min sharri, ita kuma ta ƙara tausaya masa, daga ranar duk wanda ya kawo gaskiya an riga an yi masa rigakafi. Sannan za ta zauna tana zargin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya.

Baban Yara hanyarka ita ce daidai amma ka tsallake mutum ɗaya, mai auren. Ƙanwarka taka ce, kai kana da wannan ikon. Maman Ilham ƙawa ce. In ta wuce ta bayanta ta je wa baffa, sirrin kuɗin da aka ba ta amana ya fita, don na tabbata gida ba su san da dubu 400 ɗin nan ba, yarinyar nan za ta ji an yi mata taron dangi, a fasa ko kar a fasa ƙawancen ya mutu. Ita za a faɗa wa, ita za ta sa yayanta ya bincika.

Baban Yara Mando:
In ta ƙi fa Hajiya? A zuba ido a kai ta gidan da za a dake ta don kar ƙawance ya mutu?

Anti Mai Lalle Kinkinau:
Wannan tambayar mai nauyi ce kuma ba zan ce maka ina da amsa ɗaya ba. In da ita ya taɓa ɗaga wa hannu, ko ya yi mata barazana, ni da kaina zan ce a faɗa wa gida, amma ko a nan sai an gaya mata a fuska cewa zan faɗa wa Yaya, ba a ɓoye ba. Yanzu abin da ke hannunmu faɗa ne a ƙofar gida da labarin mutum ɗaya. Bai kai a ƙwace mata maganar daga hannu ba.

Baban Yara Mando:
Ni dai ban gamsu ba. Amma ku ci gaba.

Maman Ilham:
Anti toh ta yaya zan fara? Ni in na buɗe baki sai kuka ko faɗa.

Anti Mai Lalle Kinkinau:
Farko lokaci. Cikin satin nan, kar ki bari lefe ya shigo. Yanzu in ma wani abu ya canza kuɗin gaisuwa ne da 'yan kayan sa rana za a mayar, ko a ɗaga ranar ace ba a gama shiri ba, ba wanda zai yi surutu. Amma akwatuna na shigowa, dangi sun zo sun gani an ɗaga zani ɗaya ɗaya, an kai wa tela an yanka, an raba kati, an sayar da anko, baba ya biya kafinta kuɗin gado, to a lokacin ko ita ta ga ramin da idonta kunyar mutane za ta tura ta ciki. In kuwa an shafa fatiha maganar ta koma ta saki ko kul'i, a mayar da sadaki, wani sa'in sai an je kotu, ga idda. Kowane sati da kika jinkirta kina ƙara mata tsadar cewa a dakata.

Na biyu ba a waya ba. Ba saƙon murya ba rubutu a WhatsApp, mutumin da ya zo har gidan suna don ba a ɗaga kiransa ba ina kyautata zaton yana duba wayarta. Ba kuma a gidansu ba inda Mama da ƙanne ke shiga suna fita. Ki kira ta gidanki lokacin da maigidan ba ya nan, ki ce mata akwai maganar da nake so mu yi mu biyu, kar ki yaudare ta da cewa zo ki ga atamfa.

In ta zo ku ci abinci tukuna. Sannan tambaya za ki fara ba jawabi ba. Ya maganar kuɗin nan, ya dawo da su? Sai ki yi shiru. Shirun nan shi ne aikin, kar ki cike mata shi. Maganar makaranta fa, ke me kike so a ranki? Ranar sunan nan na ga hannunki na rawa, ya saba yi miki haka ne? Kin ga duk ba ki zage shi ba, ba ki ce macuci ba ba ki ce mayaudari ba, abin da ya faru kawai kika ambata. Sannan ki nemi izini, ki ce akwai abin da ke raina in faɗa miki? In tace faɗi, sai ki ce ni dai tsoro nake ji, mutum ya canza magana kan aiki bayan an sa rana, kuɗinki na hannunsa, in kin bar aikin ba ki da ko sisi naki. Ƙila ni ce ban fahimta ba, ke kika san shi.

Maganar Rigasa ita ce ta ƙarshe, kuma ki faɗe ta yadda take: na ji wata magana a kan rabuwarsa da matarsa ta farko, ban tabbatar ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, amma ta yi nauyin da ba zan iya riƙe ta ni kaɗai ba, da za ki sa Yaya ya bincika da hankalina ya kwanta. Kar ki ba da sunan maƙwabciyar sai da izininta.

In kika ji ta fara ai ba ki san shi ba ne, ai kowa da halinsa, muryarta na hawa, to tsaya nan, kar ki ƙara hujja, duk hujjar da kika ƙara ƙara ɗaure ta kike a jikinsa. In kuwa ta yi shiru tana wasa da bakin mayafi, ko ta fara ƙaro miki abin da ba ki sani ba, to dama tana ɗauke da shi ne tana neman inda za ta sauke. Ko wanne ya faru ki rufe da cewa na faɗa sau ɗaya ba zan ƙara tayar miki da ita ba sai in ke kika tayar, in kin ce shi ne to ni ce a gaba a kamu ni ce a kai amarya. Kuma ki cika wannan alkawarin, kar gobe ki fara tura mata wa'azin mugun miji a sitatus.

Abban Sadik:
Hajiya in haka za a yi ni ba ni da ja. Abin da nake gudu a je a ce mata rabu da shi. Ni an taɓa yi min, abokina ne ya ce min yarinyar da zan aura ba ta da kunya don ya ga tana dariya da 'yan ajinsu a Kadpoly, yau shekararmu goma sha ɗaya da ita da yara huɗu. Ba duk shakkar aboki ce gaskiya ba. Amma maganar kuɗin kam na sake tunani, namiji ya ci bashin wadda zai aura wata huɗu ko dubu 20 bai rage ba, kuma yana shirin haɗa lefe, akwai tambaya. Kar a je da kuɗinta za a yi mata lefen.

Uwar Biyu:
Abban Sadik abin da nake ta so in faɗa kenan na kasa.

Ummu Haidar:
Ƙari ɗaya, in ta nuna tana son aikinta, ta sa waliyyinta ya yi maganar da waliyyan ango kafin ɗaurin aure a gaban shaidu, kar ta tsaya kan alkawarin zance. Yadda zai karɓi wannan ma zai nuna mata abubuwa. Kuma ki tuna mata istihara, ita da kanta za ta yi raka'a biyu da addu'ar, ba sai an kai wa wani ya duba mata ba.

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta akwati. Ta zo ranar Talata bayan la'asar. Na bi yadda Anti tace, ina tambayar kuɗin ta yi shiru ya fi minti ɗaya sai hawaye, ashe ba 400 ba ne, ta ƙara masa 100 wancan watan, kuma ba wanda ya sani a gida. Maganar aiki tace ba ta son bari, yace zai buɗe mata shago a gida amma bai ce yaushe ba. Har nan lafiya muke, ita ke magana ni ina ji.

Inda na ɓata shi ne da ta ce min toh ke me kika gani, sai bakina ya suɓuce nace ni da ni ce wlh ba zan aure shi ba. Nan take fuskarta ta canza tace ai ke kina ɗakinki shi ya sa, kin san me nake ji a gidanmu kullum? Na ba ta haƙuri nace na yi kuskure, ba ni zan zaɓa miki ba. Da ƙyar ta sauko. Na faɗi maganar Rigasa yadda aka koya min, ta tambaye ni wa ya faɗa nace ba zan iya faɗa ba sai na nemi izini, ta ɗau jakarta tace ta gode. Na raka ta ta hau Keke, na faɗa mata ina nan ko me ta yanke.

Kwana biyu ba ta kira ba ni ma ban matsa ba. Jiya da daddare ta kira, tace ta yi wa Yayansu maganar aiki zai samu waliyyan angon, kuma ta ce wa shi angon ya dawo mata da ko rabin kuɗin kafin lefe. Amma maganar duka ba ta kai wa Yaya ba, shi ta tambaya, yace sharrin tsohuwar matarsa ne, kuma ya dage sai ta faɗa masa wa ya gaya mata. Tace ba ta faɗa ba.

Baban Yara Mando:
Kun ga abin da nake faɗa. An tambayi wanda ake zargi, me zai ce? Har yanzu ba wanda ya taka zuwa Rigasa. Ni da za ki ji tawa ki samu Yayan nan tunda yanzu ya shigo maganar.

'Yar Kawo:
Kuma ya riga ya gane ke ce, ki shirya, bayan biki zai hana ta zuwa gidanki. Amma gaskiya ban zaci za ta kira ki ba, na ɗauka shikenan.

Anti Mai Lalle Kinkinau:
Maman Ilham kin yi ƙoƙari, suɓutar bakin ma kin gyara ta a wajen. Ni abin da na duba, yarinyar da wata huɗu ba ta iya tambayar kuɗinta ba yau ta sa masa lokaci, da bakinta. Saura kwana goma sha shida lefe, kafin nan za ta ga ko ya kawo kuɗin, za ta ga yadda ya amsa wa Yaya, waɗannan ita za su yi wa magana ba ke ba. Baban Yara har yanzu ina kan bakata, kar ta je wa Yaya a ɓoye. Abin da za ta iya, ta koma wa maƙwabciyar nan ta tambaye ta da idonki kika gani ko ke ma ji kika yi, kuma kin yarda a kira ki? In da ido ne kuma ta yarda, sai a ce wa amarya ga lambar nan in kina so, in ba kya so shikenan. Wannan ba tayar da magana ba ne tunda ita ta tambayi wa ya faɗa.

Baban Yara Mando:
In maƙwabciyar tace da idona na gani, amaryar kuma ta ƙi kira fa?

Anti Mai Lalle Kinkinau:
To a lokacin sai mu sake zama, ƙila in dawo bayanka. Ba mu kai nan ba tukuna.

Maman Ilham:
Zan je wajen maƙwabciyar gobe in na dawo daga kai Ilham makaranta. Ita kuma ta ce in raka ta Kasuwar Barci ranar Asabar mu duba labule da kafet, nace mata toh ƙarfe goma ina ƙofar gidansu.